Shafi Ukun da Na Haɗiye

A gidanmu, ko sunan wa aka rubuta a bayan ambulan, wasiƙa ta kowa ce. Dokar Baba ce wannan, kuma ta girme ni. Duk takardar da ta shigo sai an karanta ta da ƙarfi bayan addu'ar safe, a gindin mangwaron tsakar gida, Baba na kan kujerarsa ta katako, Mama na gefe tana tsince acca. Ko da waya ta iso ƙauyenmu, can bayan Kwoi, Baba bai saki dokarsa ba. Cewa yake waya ta gaisuwa ce da tambayar farashin citta, amma maganar da za ta taɓa rayuwar mutum a sa ta a takarda, don kada gobe wani ya ce ba haka ya faɗa ba.

Mai karatun gidan na farko Yaya ne. Ɗan wan Baba ne, mahaifinsa ya rasu yana ɗan shekara biyar, Baba ya ɗauko shi ya riƙe tun kafin a haife ni. Sai da na shiga sakandare na san ba ciki ɗaya muka fito ba, kuma ranar da wata ta gaya mini a rafi, saura kaɗan in fasa mata bokiti a kai. Da Yaya ya tafi Kaduna, karatun ya dawo hannuna, don idon Baba ya riga ya yi yana, Mama kuwa in ba littafin waƙoƙin zumuntar mata ba, ba ta son wahalar da kanta. Wasiƙun Yaya su ne azabata. Rubutunsa kamar kaza ta yi tono. Ba na yin layi uku ban yi tuntuɓe ba, in tsaya, in juya takardar, in yi tsaki, Baba ya yi ta dariya yana cewa, "A hankali, 'yar boko, ba tsere ake ba."

Tun ranar da Yaya ya samu aiki a banki, Baba ya daina kiran sunansa. Manaja yake ce masa. Duk Kirsimeti Yaya zai zo da kwat da taye, Baba ya riƙe hannunsa har bencin gaba a coci, ya bi dattawa ɗaya bayan ɗaya yana cewa, "Ga Manaja ya zo." Yaya sai ya sunkuyar da kai. Mu duka mun ɗauka kunya ce ta ɗa mai tarbiyya. Ni kuwa taye ɗin nan nake kallo ina lissafin ranar da zan sa takalmi mai tsini in zauna a bayan gilashi, iya kwandishan tana busa ni.

Allah ya sani, na tsani citta. Wanda bai taɓa tsaga ta ba ba zai gane ba. Kana zaune tun safe da ƙaramar wuƙa, kana raba kowace citta gida biyu a tsaye don ta bushe, yatsunka su yi ta zafi, ka manta ka sosa ido, ka kwana biyu kana hawayen da ba na kuka ba. A makaranta ma ƙamshinta bai bar ni ba, yana cikin akwatina, yana cikin zanena. Da ita aka biya mini karatu har na gama babbar difloma a fannin aikin ɗakin gwaje-gwaje, na san da haka, amma ban ga dalilin da zai sa in ƙaunace ta ba.

Na dawo daga bautar ƙasa ana daf da fara tonon citta. Wata guda na yi ina watsa takardar neman aiki iri ɗaya ko'ina: banki, asibiti, makarantun kuɗi na Kafanchan, ƙungiyoyin agaji, har wani kamfanin waya. Shiru kake ji. Rannan na gaji na kira Yaya na ce, "Yaya, wai ina zan sa kaina ne? Banki, gwamnati ko ƙungiyoyi? Ka gaya mini ɗaya in bi, na gaji da harbin iska." Ya ce, "Zan rubuto miki." Na ce haba Yaya, ga ka ga ni a waya? Ya ce wannan ba maganar waya ba ce, ai na san dokar gida.

Bayan kwana biyar direban da ke jigilar Kaduna ya kira ni, na hau mashin zuwa tashar Kwoi na karɓo. Ambulan ɗin da nauyi. Ban iya haƙuri na kai gida ba, na zauna a bencin mai sayar da ƙosai na buɗe. Shafi huɗu ne, da Hausa, irin Hausar coci da muke rubutu da ita tunda yarenmu ba kowa ya iya sa shi a takarda ba.

Shafin farko gaisuwa ce: cikin sunan Ubangiji, Baba da idonsa, Mama da gwiwarta, gona, akuyar da ta haifi uku. A shafi na biyu ya shiga magana.

"Ƙanwata, kuskurenki na farko shi ne takarda ɗaya kike aika wa kowa. Mai ɗaukar aiki yana duba takarda ya ga ko don shi aka rubuta ta. Ki zaɓi gefe ɗaya ki tsaya a kai. Asibiti ki cire shi, don gwajin marasa lafiya sai mai lasisin wannan aikin, ke kuwa ba shi kika karanta ba. Gwamnati, duk ranar da suka buɗe shafin ɗaukar aiki ki cike, ki ajiye takardar shaidar ƙaramar hukumarki kusa, amma kada ki zauna jiranta, kada kuma ki ba kowa ko sisi don ya samo miki gurbi. Ƙungiyoyin agaji suna biya da kyau, sai dai aikinsu da wa'adi ne, kuma sun fi ɗaukar wanda ya taɓa yi musu aikin sa kai."

Har nan ina gyaɗa kai. Sai na juya shafi na uku.

"Banki kuwa, ina roƙonki, kada ki nufe shi. Inda nake so ki sa ido shi ne kamfanonin da ke sayen amfanin gona su sarrafa ko su fitar waje: masu citta da ke buɗe rumbuna a Kafanchan in kaka ta yi, da masu haɗa abincin kaji a Kaduna da Jos da ke sayen masara da waken suya. Kowannensu yana buƙatar mai duba inganci, wanda zai ɗebi samfur daga buhu, ya auna danshi, ya duba hunhuna da gubar da take bari, ya rubuta ko kaya sun wuce ko a mayar. Masu takardar da ke neman aikin da yawa ba su taɓa riƙe citta ba, masu riƙe citta kuma ba su da takardar. Ke kina da duka biyun. Kina karya busasshiyar citta ki san ko da sauran ruwa a cikinta tun kina firamare. Ki sake rubuta takardarki, ki sa aikin gwajin da kika yi lokacin horo a sama, ki rubuta cewa a gonar citta kika tashi, kada ki ji kunyarsa. Ki je rumbunan da ƙafarki yanzu da kaya suka fara shigowa. Ko na wata uku suka ba ki, ki karɓa."

Kai! Ban san lokacin da na ce "Citta kuma?" da ƙarfi ba, har mai ƙosai ta juyo. Wato shi yana can cikin sanyi da taye, ni ce zan koma shaƙar buhu? Raina ya ɓaci ƙwarai, na kusa duƙunƙune takardar. Don dai in gama ne na duba shafi na huɗu. Rubutun wurin ya fi ko'ina muni.

"Ga dalilina. Shekara tara ke nan ina banki, amma ni ba ma'aikacin banki ba ne. Wani kamfani ne ya ɗauke ni ya ba su haya, kamar yadda ake yi wa yawancin masu difloma irin tamu. Ba ƙarin girma, ba tabbas. Aikina yawo ne a kasuwa ina roƙon mutane su buɗe asusu, kowane wata da adadin da aka yanka mini. Ban taɓa zama manaja ba, ko kusa. A watan jiya sun ce ba za su sabunta kwantiragina ba, shekaruna kuma sun wuce waɗanda ake ɗauka sabbi. Na daɗe ina son gaya wa Baba, bakina ya kasa. Ki karanta wannan yadda yake."

Na zauna a bencin nan har mai ƙosai ta kwashe kaskonta. Da zan ce tausayin Yaya kaɗai na ji, da na yi ƙarya. Na ji tausayinsa har cikin ƙashina, amma haushin cittar bai tafi ba. Kafin mashin ya sauke ni a ƙofar gida na riga na shirya wa kaina hujja mai kyau: Baba tsoho ne, ga ciwon ido, wannan labari zai karya shi, rufa wa Yaya asiri zan yi. Ban yarda na gaya wa kaina ɗaya dalilin ba, wato in an karanta shafi na huɗu, ba mai sake yi mini maganar banki a gidan.

Washegari bayan addu'a Baba ya ce, "To, me Manaja ya ce?"

Na karanta shafin farko daidai, da tuntuɓena da tsakina. Mama ta yi dariyar maganar akuya. Sai na juya takarda, na kafa ido a kanta, na fara zubo abin da babu shi a ciki. Na ce Yaya ya ce banki ya fi ko'ina, in sa kaina can, akwai ci gaba, akwai mutunci, in an buɗe ɗaukar aiki zai sanar da ni. Na ƙara da cewa aiki yana tafiya lafiya, yana gaida kowa da kowa. Maganar ta yi ta fita sumul, har ni kaina na yi mamakin bakina. Mama ta ɗaga hannu sama ta ce, "Mun gode wa Yesu!" Baba kuwa sai murza sandarsa yake yi.

A al'ada, da an gama karatu sai ya ce in ɗauko biro, ya faɗi amsa in rubuta, a ba direba kafin mako ya zagayo. Ban taɓa ganin wasiƙar da ta kwana bakwai ba amsa a gidanmu ba. Ranar sai ya ce, "Bari kawai. Ai Kirsimeti ta kusa, zai zo." Na ji kamar an sauke mini buhu daga ka. Na cusa wasiƙar a ƙasan akwatina, na fita tsagar citta har da waƙa.

Da yamma Yaya ya kira. Ko gaisuwa bai gama ba ya ce, "Kin karanta wa Baba?"

Na ce, "Na karanta."

"Duka?"

"Duka mana."

"Me ya ce?"

"Bai ce komai ba."

Na ji numfashinsa a wayar. Ya ce, "To," ya kashe. A lokacin ban tsaya na auna abin da "bai ce komai ba" zai zama a kunnen mutumin da ya tattara ƙarfinsa na shekara tara ya zuba a shafi ɗaya ba. Sati shida Yaya yana zuwa tasha duk ranar da direbanmu ya shiga Kaduna, yana tambaya ko an ba shi saƙo. Direban ne ya gaya mini daga baya, yana dariya, bai san abin da yake faɗa ba. Ni kuwa ina nan ina cike fom ɗin bankuna a waya. Ɗaya ne kawai ya amsa, shi ma da na duba da kyau ba bankin ba ne, wani kamfanin ɗaukar ma'aikata ne, aikin kuma na tallan asusu ne a kasuwa. Na gane shi sarai, don na karanta shi a shafi na huɗu. Duk da haka na ajiye saƙon, na ce bayan sabuwar shekara zan je.

Ana jibi Kirsimeti, da hantsi, muna zaune ni da Mama a kan dutsen bayan gida muna shanya citta, sai ga mashin. Yaya ne. Ba kwat, ba taye, wata riga ce mai gajeren hannu da ƙaramar jaka. Ya rame har wuyansa ya yi tsawo. Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne bai shigo ba. Mutumin da ke faɗowa gidan nan yana kiran Mama tun daga bakin hanya, sai ga shi tsaye a ƙofa yana sallama kamar baƙo. Mama ta ruga ta rungume shi tana faɗa, wai bankin ba sa ba mutane abinci ne? Ya dube ta, ya dube ni. Na sunkuya ina gyara cittar da ba ta buƙatar gyara.

Ya je gaban Baba ya durƙusa har ƙasa. Baba ya laluba kan Yaya ya dafa, ya ce, "Manaja, sannu da hanya."

Na ga kafaɗun Yaya sun motsa. Ya ɗauka gatse ne.

Baba ya sa aka kawo masa kunu, ya tambayi hanya, ya tambayi Kaduna. Sannan ya ɗaga murya yadda zan ji daga inda nake, ya ce, "Mun ga wasiƙarka. Na gode da ka ce ƙanwarka ta nufi banki. Tunda kana ciki, sai ka riƙe hannunta."

Yaya ya ajiye kofin a hankali. Ya juyo ya kalle ni. Wayyo, da zagina ya yi da ya fi mini sauƙi. Ba fushi a idonsa, gajiya ce kawai, irin ta wanda ya kai kaya har ƙofa aka ce ya koma da su. Ya buɗe baki, na san abin da zai faɗa, don na san Yaya: zai ce "To, Baba," ya rufa mini asiri, ya sake ɗaukar sunan Manaja ya koma Kaduna da shi, ba aiki, ba wanda ya sani. Tun ina ƙarama haka yake yi, in na fasa tulu shi ke cewa shi ne.

Ya ce, "To, Ba..."

Na ce, "Ba haka ya rubuta ba."

Mama ta tsaya da tire a hannu. Na tashi na shiga ɗaki na zazzage akwatin na ɗauko wasiƙar. Ko hannuna ban wanke ba, ruwan citta duk ya ɓata gefen takardar, tabon yana nan har yau. Na tsaya a gindin mangwaro inda na saba tsayawa na ce, "Baba, shafi ɗaya na karanta muku. Sauran ukun na haɗiye, na faɗi son raina."

Baba ya ce, "To, karanta."

Na fara daga shafi na biyu. Na yi tuntuɓe a asibiti, na yi tuntuɓe a lasisi, na tsaya a wajen hunhuna sai da Yaya da kansa ya ce mini kalmar a hankali, kansa a ƙasa. Da na zo inda ya ce ina karya citta in san ruwanta tun ina firamare, Mama ta ce, "Wannan kam gaskiya ne," don ita Mama ba ta iya yin shiru ko a jana'iza. Na juya shafi na huɗu. Na sa bayan hannu na share ido, cittar ta shiga, hawaye suka ɓalle gaba ɗaya. Haka na karanta shi, ina kuka ina jan hanci, ban tsallake ko kalma ɗaya ba, har zuwa "Ki karanta wannan yadda yake."

Mama ta zauna a ƙasa daɓas ta ce, "Shekara tara? Kai ɗan nan, shekara tara kana yawo a rana?" Yaya bai ɗago ba.

Baba ya juyo da fuskarsa wajena ya ce, "Yau kam na ji wasiƙar yayanki. Shekara nawa ina sauraron karatunki? Ba ki taɓa wuce layi uku na rubutunsa ba ki yi tsaki ba. Ran nan daga shafi na biyu kika yi ta gudu kamar mai karanta Zabura. Na san ba takarda kike karantawa ba. Abin da ke ciki ne ban sani ba, shi ya sa na ce ba zan amsa maganar da ban ji ba, sai mai ita ya zo."

Na ce, "Baba, ka yafe mini."

Ya ce, "Ba ni kika tare wa hanya ba."

Na juya wajen Yaya na durƙusa. Ya kama kunnena ya ɗan ja, yadda yake yi mini ina yarinya, ya ce, "Ke dai ba ki da kai. Sati shida ina cewa Baba ya cire ni daga ransa." Yana dariya, idonsa ya kawo ruwa. Sai ya ƙara da cewa, "Je ki wanke idon nan kafin ki makance, ai ma'aikaciyar inganci da ido take aiki."

Bayan sabuwar shekara ban je wajen masu tallan asusu ba. Yaya ya zauna da ni muka sake rubuta takardata, muna faɗa a kan kowane layi, don ni har lokacin ina jin nauyin rubuta gonar citta. Muka hau mota zuwa Kafanchan, ya tsaya a bakin titi, na shiga rumbuna ɗaya bayan ɗaya. Biyu sun ce sun cika. A na uku, matar da ke kula da inganci ta duba takardar, ta zura hannu cikin wani buhu ta miƙo mini citta guda. Na karya, ta lanƙwashe kafin ta karye, na shinshina na ce wannan ba ta gama bushewa ba, in aka ɗinke buhun za ta yi hunhuna. Ta sa aka auna da na'ura, sannan ta ce in zo Litinin, na wata uku. Da kakar ta ƙare sun sallame ni kamar yadda suka faɗa, na zauna wata biyu a gida, sannan takardar shaidar da suka ba ni ta shigar da ni wani kamfanin abincin kaji, inda nake har yanzu ina gwada masara. Ba takalmi mai tsini, bot ne na roba da farar riga. Citta kuwa har gobe ba na sa ta a shayina. Yaya ya daɗe yana fama kafin ya tsaya da ƙafarsa, wannan kuma labarinsa ne, ba nawa ba.

Amma ranar nan ba ta ƙare a jan kunne ba. Da na dawo daga wanke ido, Baba ya ce, "Ɗauko biro."

Na ce, "Baba, ai ga shi nan zaune."

Ya ce, "Da takarda ya yi mini magana, da takarda zan amsa. Ya jira ta sati shida."

Na ɗauko biro da littafi na zauna a kan turmi. Yaya yana nan durƙushe a gefen kujerar, hannun Baba a kafaɗarsa. Baba ya gyara murya kamar yadda ya saba, ya fara da gaisuwa cikin sunan Ubangiji, ya ba shi labarin akuya da na gwiwar Mama, kamar mutumin yana Kaduna. Mama tana dariya tana share hawaye da bakin zane. Sannan ya ce in sa sabon layi.

"Na ji maganarka duka. Shawarar da ka ba ƙanwarka mai kyau ce, za ta bi. Sunan Manaja ni na ɗora maka, ban tambaye ka ko yana da nauyi ba, ka yafe mini. Ranar da na ɗauko ka daga gidan wana ba ka da ko takalmi, kuma ban ga abin da ya rage a jikinka ba. Ɗakinka yana nan. Ni ne babanka."

Na gama rubutawa. Baba ya ce in karanta masa abin da na sa, yadda yake. Na karanta, ya saurara har ƙarshe, ya gyaɗa kai. Na yage shafin na ninke, na miƙa wa Yaya da hannu biyu. Ya karɓa ya sa a aljihun rigarsa. Sai Baba ya kira shi da sunansa na yare, wanda na yi shekara tara ban ji a bakinsa ba, ya ce ya tashi ya sha kununsa kafin ya huce.